Folda Mai Kauri, Shafi Ɗaya: Yadda Likita Ke Gane Ciwon Da Ba Zai Jira Ba

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa asibitin masu ciwon suga ya san irin foldar nan da ta yi kauri har bangonta ya yage aka ɗaure ta da zare. A cikinta akwai rubutun likitoci sama da goma, kowa da irin hannunsa, ga takardun gwajin jini an manna wata kan wata, ga wasiƙar da aka aiko da ita daga wani asibitin shekaru takwas baya. A waje kuma mutane sun cika benci suna jiran layi. Likitan da aka ajiye wa wannan folda ba shi da lokacin karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, kuma idan shafin ƙarshe kaɗai ya duba, zai iya sallamar mara lafiya da maganin da zai halaka ta.

Wani likitan Amurka mai suna Lawrence Weed, wanda ya rasu a 2017, shi ya fi kowa damuwa da wannan matsala. A 1968 ya wallafa maƙala a mujallar New England Journal of Medicine, inda ya soki yadda ake tara bayanan mara lafiya bisa inda suka fito: rubutun likita gefe guda, na nas gefe guda, sakamakon gwaji can baya. Shawararsa ita ce a tsara komai bisa matsalolin mutumin, a sa jerinsu a shafin farko, kowace da lambarta, ta yadda duk abin da aka rubuta daga baya zai nuna wace matsala yake magana a kai. A wurinsa matsala ba sai cuta mai suna ba. Alamar da ba a gano dalilinta ba matsala ce, sakamakon gwaji da ya kauce matsala ne, rashin kuɗin magani ma matsala ne.

Misali zai fi bayyana yadda aikin yake. A ɗauki wata dattijuwa mai shekara 62, wadda ta yi shekara 14 da ciwon suga da hawan jini. 'Yarta ce ta kawo ta, kuma abin da ya fito da su daga gida shi ne ciwon gwiwa.

"Likita, gwiwar nan ta hana ni sallah a tsaye," in ji ta.

Kafin ya taɓa gwiwar, likitan ya nemi a zazzage ledar magani a kan tebur. Wannan leda sau da yawa ta fi folda faɗin gaskiya, domin folda tana nuna abin da aka rubuta ne, leda kuwa abin da ake sha. Ga metfomin da gilibenkilamayid na suga, ga lisinofiril na hawan jini, duk suna cikin rubutu. Sai kuma ga sacet uku na dikilofenak, wanda babu shi ko'ina a folda. A kemis ɗin unguwa ake saya mata, kuma ta yi wata huɗu tana sha safe da dare.

"Hajiya, kina jin jiri ko makyarkyata kafin azahar?"

'Yar ce ta amsa. Sau biyu a makon da ya wuce Mama ta jiƙe da gumi, maganarta ta sarƙe, sai da aka ba ta shayi mai sukari ta dawo daidai. Ba su ɗauke shi wani abu ba, sun zaci gajiya ce. Da aka cire mata safa kuma, sai ga gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, gefensa ya yi ja ya kumbura. Ita ba ta jin zafinsa ko kaɗan, don suga ya riga ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa.

Sannan likitan ya koma folda, ba don ya karanta kowane layi ba. Abubuwa kaɗan yake farauta: duk lokacin da aka kwantar da ita da dalilin kwanciyar, duk maganin da aka fara ko aka tsayar, da lambobin gwaji a jere bisa shekaru. Lamba ɗaya ba ta faɗin labari, sai an jera ta da 'yan'uwanta. Ma'aunin tacewar ƙodarta ya nuna 58 shekara uku baya, 41 bara, yau kuma 24. Sinadarin fotasiyam a jininta ya kai 6.3, alhali abin da ake so tsakanin 3.5 ne da 5.0. Ƙarfin jininta 8.9, ga mace kuwa ƙasa da 12 ƙarancin jini ne. Hawan jini 168 bisa 96. A wani tsohon shafi da ya fara dusashewa ya tarar an rubuta cewa seftirin ya taɓa feso mata ƙuraje a duk jiki, a wani kuma ta yi tarin fuka an yi mata magani ta warke.

Yanzu ga abubuwa kusan goma a gabansa. Tambayar da zai jera su da ita guda ce: idan aka bar wannan ba a taɓa ba, yaushe zai yi ɓarna, kuma ɓarnar tana gyaruwa? Abin da ke kisa cikin sa'o'i shi ne a sama, sai mai iya cinye ƙafa ko ido cikin kwanaki, sai mai lalata jiki cikin watanni, sai wanda ake lallaɓawa shekara da shekaru.

Da wannan ma'auni, fotasiyam ne ya hau kan gaba, duk da cewa Hajiya ba ta taɓa jin sunansa ba kuma ba ta jin komai a jikinta game da shi. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Idan ta gaza, ya taru, yakan rikita bugun zuciya har ta tsaya ba tare da gargaɗi ba. Lisinofiril yana ƙara riƙe shi a jiki, dikilofenak ma haka. Don haka a ranar za a auna bugun zuciyarta a na'ura, a dakatar da magungunan biyu, a sake ɗibar jini, kuma ba za ta koma gida ba sai an ga lambar ta sauka. Sake gwajin yana da dalili: idan ƙwayoyin jini suka fashe a cikin kwalba, ko jinin ya daɗe kafin a auna, lambar takan hau bisa ƙarya. Amma a mai irin wannan ƙoda da irin waɗannan magunguna, likitan kirki yana ɗaukar lambar a matsayin gaskiya har sai an tabbatar da akasin haka.

Na biyu shi ne faɗuwar suga. A nan ne wanda ya saba rubuta "ciwon suga" kawai a jerinsa yake yin kuskure, domin kalmar takan sa hankali ya tafi ga hawan suga, alhali haɗarin wannan baiwar Allah a yau saukarsa ne. Gilibenkilamayid yana daɗewa a jikin mai raunin ƙoda, ya ci gaba da sauke suga ko ba ta ci abinci ba. Gumin nan da sarƙewar harshe su ne shaida, kuma idan abin ya same ta cikin barci ba lallai a farga ba. Sai a tsayar da shi. Metfomin ma ba a ci gaba da shi idan tacewar ƙoda ta yi ƙasa da 30. Ke nan magungunan sugarta biyu duk sun tashi a rana ɗaya, dole a sake mata wani tsarin.

Gyambon ƙafa ne na uku. Yana buƙatar wanki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta daidai ƙarfin ƙodarta, da duba ko ya kai ƙashi, da duba ko jini na isa ƙafar. Tsohon shafin nan mai dusasshen rubutu a nan ya yi rana: ba za a ba ta seftirin ba, don jikinta ya taɓa ƙin sa, ga shi kuma yana ɗaga fotasiyam. Shi ya sa maganin da jiki ba ya karɓa ba ya bin layi da sauran matsaloli, a saman shafi ake rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ciwon ƙodar kansa ya zo na huɗu, tare da tambayar ko saurin lalacewarta daga suga ne kaɗai ko dikilofenak ya taimaka, wanda za a gane idan aka sake gwaji bayan an daina shan sa.

Na biyar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan koyarwar Weed ta fi kaifi. Yana da sauƙi likita ya rubuta "ƙarancin jini saboda ciwon ƙoda" ya wuce, tunda masu ciwon ƙoda sukan yi ƙarancin jini. Amma ba a tabbatar ba. Mace mai shekara 62 da ta yi wata huɗu tana shan dikilofenak tana iya zubar da jini a hankali daga gyambon ciki, kuma a wannan shekarun ba a kawar da kai daga ciwon dajin hanji. Abin da ya dace a rubuta shi ne abin da aka sani kawai: "ƙarancin jini, 8.9, ba a gano dalili ba". Muddin wannan jimla tana shafin farko, duk likitan da ya buɗe foldar zai ji akwai bashi a kansa. Da zarar an laƙaba wa matsala sunan da ba a tabbatar ba, bincike ya mutu, kuma sunan zai yi ta bin mara lafiya daga shafi zuwa shafi, kowa na kwafa daga na baya. Idan kuwa ta ce bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, nan take wannan matsala za ta tsallake zuwa sama.

Hawan jinin, duk da girman lambarsa, ya sauko na shida. Ba ta da ciwon ƙirji, ba ta da alamar shanyewar ɓarin jiki, kuma dikilofenak da kansa yana ɗaga shi. Za a sauya mata maganin da ba ya taɓa fotasiyam, a bi shi a hankali cikin makonni. Duban ido da ba a yi ba shekara uku ya shiga jerin, haka ma cewa ba ta iya karanta rubutun kwalin magani kuma kuɗin saye daga hannun 'yarta yake fitowa. Tarin fukar da ta warke ya koma ɓangaren abubuwan da suka wuce, ba a goge shi ba.

To ina gwiwa? A ma'aunin haɗari tana can ƙasa, amma likitan da ya manta da ita ya ɓata aikinsa duka. Ita ce ta kawo Hajiya, ita ce kuma ta kai 'yarta kemis. Idan aka sallame ta da gwiwa tana ciwo, kafin mako ya zagayo dikilofenak ya dawo cikin leda, fotasiyam ya sake hawa. Don haka a gaban matsalar gwiwa sai ya rubuta farasitamol, da motsa gaɓa, da sanda, ya kuma ja kibiya daga ita zuwa matsala ta ɗaya da ta huɗu da ta biyar, don mai karatu ya ga igiyar da ta ɗaure su.

Jerin yana da nasa cututtukan. Wani yakan kumbura har ya kai abu talatin, saboda an rubuta kumburin ƙafa daban, haki daban, gajiya daban, bayan an riga an gano duk daga ciwon zuciya ɗaya suke. Wani kuma yakan tsufa a wurin, ba mai sabunta shi. A tsarin Weed lambar kowace matsala ba ta canzawa, kamar suna take. Abin da ke canzawa shi ne wadda za a fara da ita a kowace ziyara, shi ya sa ake sa kwanan wata a gefen kowane layi.

Bayan mako biyu, idan fotasiyam ɗin Hajiya ya dawo 4.8 kuma jirin ya daina, layuka biyun farko za su sauka, gyambon ƙafa ya hau kan gaba, ƙarancin jinin nan da ba a gano dalilinsa ba yana biye da shi, da takardar gwajin bayan gida a manne a gefensa.