Ranar da albashi da ajiya suka tafi tare

A watan Agustan 2000, hannun jari guda na kamfanin Enron da ke birnin Houston a Amurka ya kai kusan dala 90. Kamfani ne na makamashi da ake ta yabo a jaridu, ma'aikatansa kuma suna alfahari da shi. Kafin ƙarshen Nuwamban 2001, wannan hannun jarin bai kai dala ɗaya ba. Ranar 2 ga Disamba kamfanin ya je kotu ya ce ya karye, washegari aka sallami ma'aikata wajen 4,000.

Kamfanoni suna karyewa kullum, wannan ba sabon labari ba ne. Abin da ya sa har yau ake tuna Enron shi ne inda ma'aikatan suka ajiye kuɗin tsufansu. A Amurka akwai asusun ritaya da ake kira 401(k), wanda ma'aikaci ke zuba wani abu daga albashinsa, kamfani ya ƙara masa. Enron ba da tsabar kuɗi yake ƙarawa ba, da hannun jarinsa yake yi, kuma ya hana a sayar da wannan ƙarin sai mutum ya cika shekara 50. Ma'aikatan da kansu suka ɗora, suna sayen jarin kamfanin da nasu kason. Zuwa ƙarshen 2000, kusan kashi 60 cikin 100 na dukiyar asusun duk jarin Enron ne. Da farashi ya fara gangarowa, shugaban kamfanin, Kenneth Lay, ya riƙa ƙarfafa musu gwiwa su ƙara saye. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamban 2001 kuma aka kulle asusun saboda ana sauya masu kula da shi, mutane suna kallon dukiyarsu tana narkewa ba halin taɓawa. An yi asarar fiye da dala biliyan ɗaya na kuɗin ritaya. Ga mari, ga tsinka jaka.

A nan matsalar take. Ma'aikaci tun kafin ya sayi hannun jari ko guda, ya riga ya jingina rayuwarsa da kamfanin: albashinsa, kuɗin asibitin iyalinsa, garatutinsa, duk daga tukunya ɗaya suke fitowa. Amfanin ajiya kuwa shi ne ta tsaya maka ranar da albashi ya yanke. In ajiyar ma tana cikin tukunyar nan, to ranar da ta fashe ita ce ranar da ka fi buƙatar kuɗi, kuma ita ce ranar da ba su nan.

Mu yi lissafi da naira. A ce wani ma'aikacin banki ya tara miliyan 10, miliyan 7 jarin bankinsu ne, miliyan 3 kuma fili ne da ɗan kuɗi a hannu. Bankin ya shiga matsala, farashin jarinsa ya faɗi da kashi 80 cikin 100. Miliyan 7 ɗin nan ta koma miliyan 1.4, dukiyarsa gaba ɗaya ta dawo miliyan 4.4, ga shi ana rage ma'aikata. Kafin jarin ya koma inda yake, sai farashin ya ninka sau biyar. Abokin aikinsa mai miliyan 10 shi ma, amma miliyan ɗaya kacal ya sa a jarin bankin, asarar naira 800,000 ya yi. Zai ji zafi, amma yana da miliyan 9.2 da zai riƙe gida kafin ya sami wani aikin. Banki ɗaya, masifa ɗaya, bambancin kawai yawan abin da kowa ya zuba.

Ba sai mun je Houston ba ma. Bayan haɗe bankunan Najeriya a 2005, bankuna sun yi ta sayar da hannun jari, ma'aikata da yawa suka sayi na bankunansu, wasu da bashi. Kasuwar ta kai ƙololuwa a Maris 2008, sannan ta rufto. A Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A Agustan 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna. An ceci kuɗin masu ajiya, amma masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Haka tsarin yake: inshorar NDIC ta mai ajiya ce, ba ta mai hannun jari ba, kuma in kamfani ya karye, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, sai an gama biyan duk masu bin bashi.

Me ya sa masu hankali ke faɗawa? Yawanci sukan ce, ai na san kamfanin nan ciki da waje. A ganina wannan sanin ya fi yaudara. Ma'aikacin Enron ya san ofishinsa da abokan aikinsa, amma bai san basussukan da manya suka ɓoye a wasu ƙananan kamfanoni ba. Akwai kuma kunya: mutum yana jin in ya sayar kamar ya ci amanar gidan da ke ciyar da shi. Ga kwaɗayin rangwame, tunda sau da yawa ana ba ma'aikaci jarin a farashi mai sauƙi. Rangwamen gaskiya ne, karɓarsa ba laifi, riƙewa har abada ce kuskuren.

Kasuwancin gida ya fi wannan tsanani, don ba shi da kasuwar da za ka sayar da kasonka gobe da safe. Maigida yana da shago, duk ribar da ta fito sai a ƙara kaya, 'ya'ya a nan suke aiki, takardun gida ma an ba banki jingina don a cika sito. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliyar Kantin Kwari a 2022, ya san yadda dare ɗaya ke taɓa gida guda tun daga kaka har jika. Buɗe shago na biyu a layi ɗaya, da kaya iri ɗaya, bai raba komai ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Rubuta duk abin da ka mallaka, ka ware abin da zai lalace in wurin aikinka ya rufe. Ka haɗa da kuɗin da kake bin kamfanin, da albashin matarka in can take aiki, da jarin wasu kamfanonin da sana'arsu ɗaya da naku. Masu ba da shawara kan kuɗi da yawa suna ganin kada jarin kamfani ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ajiyar mutum. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai kyau.

Mai miliyan 7 ɗin nan ba sai ya sayar a rana ɗaya ba. Zai iya yanke wa kansa cewa duk wata uku zai sayar da na miliyan ɗaya, ko farashi ya hau ko ya sauka, cikin shekara ɗaya da rabi ya sauko inda ya dace. Sai dai ya fara duba sharaɗin kamfaninsa, domin akwai lokutan da ake hana ma'aikata saye da sayarwa gab da fitar da rahoton kuɗi, kuma sayarwa bisa wani sirri da ka sani a ofis laifi ne a doka. Ya kuma shirya wa ransa cewa jarin zai iya tashi bayan ya sayar, abokai su yi masa dariya. Mai shago kuwa, nasa matakin shi ne ya riƙa cire wani kaso na riba kowace shekara zuwa abin da ba ya kwana a kasuwa.

Amurka sai a 2006 ta yi dokar da ta ba ma'aikaci damar sayar da jarin da kamfani ya zuba masa a irin wannan asusu bayan shekara uku yana aiki. Mutanen Enron ba su amfana da ita ba, ta zo shekara biyar bayan kuɗinsu sun tafi.