Gaskiya ko Jita-jita: Mutum Nawa ne Suka Karanta Wasiƙarka?

Mai ɗinki ko marubuci da ke aika wa mutane 200 wasiƙar wata-wata ta imel yakan dogara da alƙaluman da manhajar aikawa ke nuna masa. An ce idan ta nuna mutum 120 sun buɗe, to 120 sun karanta.

Wannan jita-jita ce. Manhajar ba ta ganin idon kowa. Wani ɗan hoto take ɓoyewa a cikin wasiƙar, ƙanƙane da ido ba ya gani, duk lokacin da aka sauke shi sai ta ƙirga an buɗe. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fito da Mail Privacy Protection, wanda ke sauke hotunan tun kafin mai wayar ya taɓa wasiƙar. Saboda haka wanda bai ko kalli kanun ba, za a iya lissafa shi cikin masu karatu. Wanda kuma ya toshe hotuna don tattalin data, ya karanta daga farko har ƙarshe, ba za a ƙirga shi ba. A ganina, ma'aunin da ya fi shi ne amsa. Ka rufe wasiƙar da tambaya guda mai sauƙi, misali wane yadi suke so a kawo kafin Sallah. Idan wata uku suka wuce babu wanda ya tanka, akwai gyara, komai kyan alƙaluman.

An kuma ce a ɓoye hanyar ficewa, wai kada mutane su ragu. Wannan ce ta fi damuna, domin cutarwarta ta fi yawa. Wanda ya gaji da wasiƙarka kuma ya rasa Unsubscribe, abin da zai danna shi ne Report spam. Tun Fabrairun 2024 Google ta sharɗanta wa masu aikawa zuwa Gmail kada irin wannan ƙorafi ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. A cikin mutum 200, ƙorafin mutum ɗaya tak ya kai kashi 0.5. Idan abin ya yi ta maimaituwa, wasiƙar na iya fara faɗawa akwatin spam har ga waɗanda ke jiranta. Shi ya sa ban yarda a zuba adireshin wanda bai nema ba, ko da ɗan'uwa ne.

Masu cewa a koma WhatsApp don can kowa zai samu, sun faɗi rabin gaskiya. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa. Idan alamar saƙo ta tsaya a guda ɗaya kwana da kwanaki ga wanda ka san yana hawa, kira shi ka roƙe shi ya adana lambar.