Koyon Buga Rubutu da Sauri Kafin Jarrabawar Aiki

Mai neman aikin sakatare da ke buga kalma 20 a minti da yatsu biyu, yana bukatar kaiwa wajen 40. Manhajar TypingClub za ta fara ɗora masa manuniya a kan F da J, haruffan nan masu ɗan tudu da yatsa ke ganewa ba tare da ido ya duba ba.

A makon farko saurinsa zai ragu. Nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya, abin takaici. Ya daure, minti 20 kullum, kuma a allon kwamfuta na gaske, domin waya ba ta horar da yatsu goma. Idan daidaiton bugunsa ya gaza kashi 95 cikin ɗari, gaggawa ta yi yawa, sai ya sassauta, don goge kuskure na cin lokaci.