Gora, gini da zane: kalmomin da ke riƙe da ma'anar karin magana

Karin magana gajere ne, kuma sau da yawa nauyinsa duka yana rataye a kan kalma ɗaya. Idan mai sauraro bai san wannan kalma ba, zai iya haddace zancen, har ya jefa shi a cikin hira, amma ba zai san inda ya dace da inda bai dace ba. Wannan matsala ta fi kama yaranmu da suka tashi a Garwa, Njamena, Yawunde ko Kwatano, waɗanda ke jin Hausa a gida, su yi karatu da Faransanci, kuma ba su taɓa ganin sana'o'in da aka ɗauko kalmomin daga cikinsu ba.

Mu ɗauki wanda kusan kowa ya sani: "Ba a fafe gora ranar tafiya." Yaron birni in ya ji gora, abin da ke zuwa masa a rai shi ne na roba da ake sayar da ruwa a ciki. Wani kuma zai ɗauka sandar gora ce, wadda a rubutun boko ba ta da bambanci da wancan, sai a baki ake raba su da karin sauti. Goran da ake nufi a nan ɗan duma ne, shukar da ke yaɗo a ƙasa ko a kan danga, wadda daga irinta ake samun ƙwarya da ludayi da shantu. Gora shi ne mai ciki da wuya, wanda matafiyi ke ɗura ruwa ya rataya, ko makiyayi ya zuba nono.

Kalmar da ke ɗauke da darasin kuwa ita ce fafe. Duma ba ya zama gora don kawai an tsinke shi daga jikin uwarsa. Sai ya ƙosa, an bar shi ya bushe, sannan a yanke bakinsa, a fitar da totuwa da 'ya'yan da ke ciki. Ƙwarya tana da sauƙi, tunda raba ta ake yi biyu a kankare. Gora bakinsa ƙarami ne, hannu ba ya shiga, don haka sai an bi shi da tsinke ko ƙarfe, wasu su zuba tsakuwa su yi ta girgizawa. Bayan an gama wannan ma da saura, domin duma yana da ɗaci. Sai an zuba ruwa an bar shi ya kwana, a zubar, a sake, har ɗacin ya fita. Wanda ya fafe gora da safe ya kama hanya da hantsi, ruwan da zai sha a daji mai ɗaci ne.

Saboda haka karin maganar bai tsaya ga cewa a yi abu da wuri ba. Yana magana ne a kan aikin da ke cin kwanaki da kansa, wanda gaggawa ko ƙarfi ba su rage masa lokaci. Mutumin da zai tsallaka iyaka gobe, yau ya tuna katin shaidarsa ya ƙare, shi ake gaya wa wannan. Haka ɗalibin da ya buɗe littafi daren jarrabawa. Amma wanda ya manta bai sayo burodi ba ranar tafiya, in ka yi masa wannan karin magana ka ɓata harsashi, tunda zai tsaya a tasha ya saya.

Akwai wani da mutane ke haɗa shi da na farko kamar abu ɗaya ne: "Tun ran gini, tun ran zane." A nan kalmomi biyu ne ke ruɗa mai karatu. Zane da ake nufi ba na ɗaurawa ba ne. Na ɗaurawa wasalinsa na farko gajere ne, shi ne wasu ke ce wa zani, na karin maganar kuwa ana jan wasalin, wato zanen da ake yi na ado, daga aikatau zana. Rubutun boko bai nuna wannan ba, shi ya sa wanda ya fara cin karo da zancen a takarda ko a waya kan tsaya yana tunanin me ya haɗa magini da tufafin mata.

Gini kuma a Hausa bai taƙaita ga ɗaki ba. Tukunya ma gina ta ake yi, haka tulu da randa. Maginiya takan kwaɓa yumɓu, ta fitar da siffar tukunya, sannan tun jikin yana da danshi ta bi shi da tsinke ko wani abu mai kaushi ta yi masa ado. In ta bari ya bushe, tsinke ba zai shiga ba sai dai ya karce, in kuwa an gasa, magana ta ƙare. Wasu na fassara shi da adon bango, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, inda ake fitar da zanen tun yaɓen yana ɗanye. Ni na fi karkata ga tukunya, amma duk wanda aka ɗauka sharaɗin ɗaya ne, wato laka ba ta bushe ba.

Ga inda biyun suka rabu. Gora ana fafe shi kafin ranar buƙata, zane kuwa ana yin sa a ranar da aka fara abu. Misali, mutum biyu sun haɗa jari za su riƙa kawo albasa daga Galmi, ba su yi maganar yadda za a raba riba ba, ko wa zai ɗauki asara in kaya sun ruɓe a hanya, don suna jin nauyin juna. Bayan shekara rigima ta tashi. Dattijon da aka kai wa ƙara ba zai yi zancen gora ba, domin ba shiri ne ya makara ba. Abin da zai ce shi ne tun ran gini tun ran zane, ma'ana a ranar da kuka ƙulla ya kamata ku faɗa wa juna sharaɗi. Shi ya sa ake yawan jin sa a zancen aure da tarbiyya, kuma galibi cikin zargi, bayan abu ya riga ya sandare.

Wannan kalma ta zane ita ce kuma a cikin "Hali zanen dutse", wanda akan ƙarasa da cewa ba mai kankarewa. Wani zai ga kamar sun yi karo: ɗaya na cewa ana iya gyara yaro, ɗayan na cewa hali ba ya canzawa. Bambancin yana ga abin da aka yi zanen a kansa. Na farko ana faɗa wa iyayen da ɗansu ke ƙarami, ko waɗanda suka yi sakaci lokacin da yake ƙarami. Na biyu ana faɗarsa a kan babba wanda aka sha yi wa faɗa ya koma gidan jiya, kuma yawanci a bayan idonsa, domin in ka gaya wa mutum a gabansa, ka sanar da shi ke nan cewa ka fitar da rai da shi.