Dozin Ashirin Kacal: Yadda Ƙaramin Mai Shago Ke Gabatar da Kansa ga Masana'anta

Masana'antun roba da ke Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano sun saba da manyan diloli masu ɗaukar kaya mota guda. To, ina makomar mai ƙaramin shago, a ce a Gumel, wanda ƙarfinsa bai wuce dozin ashirin na bokitai da butoci ba? Shi ma yana iya samun shiga, amma sai takardar gabatar da kansa ta nuna ya san abin da ke damun kamfani.

Damuwar ita ce ƙaramin ciniki yana cin lokaci kusan daidai da babba. Ko dozin ashirin ne ko dubu, sai an rubuta takardar farashi, an tabbatar kuɗi sun shiga, ma'aji ya fitar da kaya, mai gadi ya duba takardar fita. Don haka manajan sayarwa yana karantawa ne da tambaya ɗaya a ransa: wannan bawan Allah zai dawo kuwa?

Bayan sallama, mai shago ya faɗi ko shi wane ne a taƙaice: sunan shago, garin da yake, shekarunsa a sana'ar, da lambar rajista idan ya yi da hukumar CAC. Sai ya kawo abin da manajan ba zai sani ba daga ofis. Misali, shagonsa yana kan hanyar Maigatari, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis, kuma ƴan koli na sarar butoci a wurinsa kafin ranar. Ya faɗi dozin nawa yake sayarwa a wata, ba tare da kuri ba, domin oda ta biyu za ta tona asirin mai kuri.

Daga nan sai buƙata, a fayyace. "Ina son kayan roba" ba oda ba ce. Ya rubuta: bokiti mai lita 15 dozin goma, buta dozin goma, kowace kala aka samu a sito. Maganar kala tana da dalili. Injin yana zuba narkakkiyar roba ne a cikin wani ƙarfe mai siffar bokitin, kuma sauya wannan ƙarfe ko sauya kala yana tsayar da aiki, ga asarar robar da za a wanke injin da ita. Ba mai yin haka saboda dozin goma. Wanda ya nemi a buga sunan shagonsa a jikin bokiti tun ranar farko ya rufe wa kansa ƙofa.

Haka ma bashi. Ba a fara hulɗa da shi. Takardar ta ce za a biya kafin ɗaukar kaya, kuma mai shago ne zai kawo mota. Kuɗin kuwa a asusun da ke ɗauke da sunan kamfani za a tura su. In wani ya ce a tura asusunsa zai sa a rage farashi, a ja da baya.

Akwai tambayar da sababbi kan manta: farashin ya haɗa da harajin VAT? Harajin kashi 7.5 cikin ɗari ne, wato a kayan naira 400,000 ƙarin naira 30,000 ke nan. A ɗora kuɗin mota daga Kano da ladan masu lodi, sai a ga wani lokaci sari a hannun dila ya fi sauƙi. Gwaji dai ba don ribar nan take ake yin sa ba, amma gara mutum ya san lissafinsa.

Sannan ya faɗi yadda zai auna gwajin: zai ba kayan mako huɗu, ya kawo rahoton abin da ya tafi da abin da aka dawo da shi, in sun karɓu ya ninka. Ya roƙi samfur guda ɗaya, ya ɗora a sikeli ya rubuta nauyinsa. Idan kaya suka iso da nauyi ƙasa da na samfurin, an rage kauri. Ya matsa gefen bokitin da hannu: mai kyau zai lanƙwasa ya koma, wanda aka cika masa tsohuwar roba mara kyau kuwa yana iya tsagewa. Ya duba kunnen da mariƙi ke shiga, don nan ne ake yawan samun karaya. Tun a takardar ya tambayi yadda ake yi da kayan da suka zo a fashe.

Sau da yawa amsar takan zo cewa adadin bai kai ba, a je wurin dilan kamfani na yankin. Wannan ba kora ba ce. Mai shago ya nemi manajan ya haɗa shi da dilan da kansa, ya kuma tambayi dozin nawa ake buƙata kafin a sayar masa kai tsaye. Masu shaguna uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su cike adadin da sunan mutum ɗaya.