Ina mita goman nan suka tafi?

Ga tambayar da ɗaliban injiniyanci kan ci karo da ita a darasin gudanar ruwa: akwai babban tanki buɗaɗɗe, saman ruwan da ke cikinsa ya fi bakin bututu tsawo da mita 10. Bututun mai tsawon mita 50 ne, faɗin cikinsa santimita 5, kuma yana zubar da ruwan a fili. Da wane gudu ruwan zai fito?

Ginshiƙin lissafin ya samo asali ne daga aikin Daniel Bernoulli na 1738: ƙarfin da ruwa ke ɗauke da shi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama tsakanin tsawo, matsi da gudu. Ɗalibi mai lura zai zaɓi wurare biyu, saman ruwan tanki da bakin bututu. Duka biyun iska ce kawai ke danna su, don haka matsinsu ɗaya ne, ya fita daga lissafi. Ruwan saman tanki kuwa sauka yake a hankali ƙwarai, ana ɗaukar gudunsa sifili. Saura tsawon mita 10, shi ne duk jarin da ke hannu.

Da a ce babu asara ko kaɗan, ruwan zai fito da gudun mita 14 a sakan guda. A nan da yawa ke tsayawa, amma bututu ba ya wuce da ruwa kyauta. Gogayyar ruwa da jikinsa tana cin ƙarfi, haka ma ƙuncin mashiga inda ruwa ke barin tanki:

```
h = (1 + K + fL/D) v²/2g
```

An ba da f a matsayin 0.02, K na mashiga kuma 0.5. Mita 50 a raba da 0.05 ya ba da 1000, a ninka da 0.02 a samu 20. Jimillar abin da ke cikin baka ta zama 21.5.

```
v² = (2 × 9.81 × 10) / 21.5
v ≈ 3.0 m/s
```

Wato kusan lita 6 a sakan, jarka mai lita 25 za ta cika cikin sakan huɗu da ɗan wani abu.

A ganina, mafi amfani shi ne a bi sawun mita goman. Gogayya ta cinye 9.3, mashiga ta ci 0.23, ruwan ya fice da 0.47 kacal a matsayin gudu. Idan aka haɗa su ba su kai 10 ba, akwai kuskure. Galibi an manta da 1 ɗin da ke cikin baka ne, wanda ke wakiltar gudun fita, ko an saka faɗin bututu da santimita maimakon mita. Wasu kuma daga gindin tanki suke auna tsawo, alhali daga saman ruwa ake aunawa, shi ya sa famfon gida ke rage ƙarfi yayin da tanki ke ƙarewa.