Yadda Ake Samun Hoto Garau da Kyamarar Waya

Abubuwa uku ne ke sa hoton waya ya fito dishi-dishi: datti a gilashin kyamara, kuskuren inda kyamarar ta kafa ido, da motsi a lokacin da ake ɗauka. Kowanne yana barin alamarsa a jikin hoton, don haka ana iya gane mai laifi da zarar an buɗa hoton da yatsu biyu an duba shi da kyau. Idan hoton gaba ɗaya ya yi fari-fari kamar an ɗauke shi cikin hazo, fitilu kuma suka yi jela, gilashin ne ya yi maiƙo. Idan bangon baya ya fito tas amma fuskar mutumin ta dusashe, kyamarar ta kafa ido a inda bai dace ba. Idan kuwa komai ya ja gefe guda, layuka suka ninku biyu-biyu, hannu ne ya girgiza.

Na farkon shi ne mafi sauƙin magani, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Waya tana yini a aljihu da tafin hannu, gumi da man shafawa suna taruwa a gilashin, a lokacin hunturu kuma ƙura ta ƙara nata. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi, domin gogewa da yashi a kai tana karce gilashin.

Inda kyamara ta kafa ido shi ake kira fokas. Idan aka bar ta, ita take zaɓa da kanta: yawanci fuska, ko abin da ke tsakiyar allo. Zaɓin nata yakan dace, amma ba kullum ba. Taɓa allon a daidai abin da ake so yana tilasta mata komawa can, sai wani ɗan akwati ko da'ira ya bayyana a wurin. Idan aka danna aka riƙe na kamar daƙiƙa biyu, saitin yana kullewa. A iPhone rubutun AE/AF LOCK ne ke fitowa a saman allo, a wayoyin Android da dama kuma alamar kwaɗo. Amfanin kullewar yana bayyana a taro, inda mutane ke gilmawa ta gaban kyamara, ita kuma tana ta bin duk wanda ya wuce. Sai dai kullen nisa yake riƙewa, ba mutum ba. Wanda ya kulle sannan ya matsa gaba taku biyu ya ɓata saitin da kansa.

Fokas yana da iyaka ta kusa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya kama abin da ya fi kusa da santimita 10 zuwa 15, wato ƙasa da kamu ɗaya. Wannan ne ya sa mai ɗaukar hoton rasit ko katin shaida yake ganin rubutun yana ƙara dusashewa duk sa'ad da ya kusanto da wayar. Ja da baya kaɗan shi ne gyaran. Jawo abu da yatsu biyu kuwa, a wayar da ba ta da kyamarar nesa ta musamman, yanko tsakiyar hoton ne kawai a kumbura shi, ba ya ƙara komai. Tafiya da ƙafa zuwa kusa da abin ta fi.

Batun haske shi ne ginshiƙin maganar, domin daga shi motsi yake samun kafar shiga. Kyamara tana buɗe idonta na ɗan lokaci ta tara haske, sannan ta rufe. Da rana a fili, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya ishe ta, ko ƙasa da haka, kuma a wannan ɗan taƙin babu rawar hannun da za ta yi tasiri. A cikin ɗaki mai ƙwan lantarki guda, tana iya buƙatar kashi ɗaya cikin 30 ko cikin 15 na daƙiƙa. Ga ido wannan ƙiftawa ce, amma ya isa yaro ya juya kai, ya isa yatsan da ya danna maɓalli ya tura wayar. Kyamarar tana da wata dabara, wato ƙara ƙarfin abin da ta tara, ma'aunin da ake rubutawa ISO. Kamar ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kamu sosai ba: magana ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto shuuu ɗin yana fitowa kamar tsakin gero, wayar kuma ta yi ƙoƙarin shafe shi, sai fatar mutum ta koma kamar an yaɓa mata laka. Saboda haka matsar da mutum bakin ƙofa ko taga, hasken yana dukan fuskarsa, ya fi duk wani saiti da ke cikin wayar.

Akwai kuma lokacin da hasken ya wadata amma rabonsa ne matsala. Misali shi ne magidanci baƙin fata sanye da farar babbar riga ta shadda, ranar Sallah da hantsi, yana tsaye a rana. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta nemi matsakaici. Farar rigar ta cika allo, sai kyamarar ta rage haske, fuskar ta yi duhu, hular kuma ta jefa inuwa a kan idanu. Idan aka taɓa fuskar, kyamarar ta ƙara haske dominta, sai rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin da ke ƙirjinta ya ɓace. Ba a iya gamsar da su biyun a tsakar rana. Matakin farko shi ne a kai shi inuwar bango ko bakin zaure, yana fuskantar fili, inda tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska ta ragu. Sannan a taɓa fuskar. Kusa da akwatin fokas akwai ƴar alamar rana. Jan ta sama ko ƙasa, a wasu wayoyin hagu ko dama, yana ƙara haske ko rage shi. A ja ta ƙasa sannu a hankali, ido yana kan aikin rigar, a tsaya daidai inda zaren ya fara bayyana. In fuskar ta ɗan yi duhu ba komai, ana iya ɗaga ta daga baya wajen gyara hoto. Farin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa, domin babu abin da kyamarar ta ajiye a wurin.

Layukan jagora ba sa ƙara wa hoto kaifi kai tsaye. Layi biyu ne a tsaye, biyu a kwance, suna raba allo gida tara, kuma ba sa fitowa a hoton. A iPhone ana kunna su ta Settings, sai Camera, sai Grid. A Android suna cikin saitin manhajar kyamara, galibi da suna Grid ko Grid lines. Aikinsu shi ne daidaita bango, ƙofa ko takarda don kada hoton ya karkace, domin miƙar da karkataccen hoto daga baya yana cin gefunansa. Masu ɗaukar mutane sukan ɗora idanu a kan layin kwance na sama, hakan yana hana barin fili mai yawa a saman kai.

Yanayin dare ya yi suna ne bayan Google ya fito da Night Sight a wayoyin Pixel a 2018, Apple kuma ya biyo da Night mode a iPhone 11 a 2019. Yanzu har wayoyi masu sauƙin kuɗi suna da shi. A Tecno da Infinix ana ganin sa da sunan Super Night. Ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. Cikin daƙiƙa biyu, uku ko fiye, wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere, ta daidaita su a kan juna, ta haɗa su. Tsakin da ke cikin kowanne yana faɗawa wuri daban, don haka haɗawar tana rage shi, ainihin abin da aka ɗauka kuma ya ƙara fitowa. Daga nan iyakarsa ta bayyana: abin da ke tsaye yake so. Ginin masallaci da dare, teburin mai shayi, kayan da aka jera a shago, duk suna fitowa da kyau. Masu rawa a wurin biki kuwa sukan fito kamar inuwa, wani da hannu uku. Mai ɗauka ya manne gwiwoyin hannunsa a jiki, ko ya jingina wayar da bango, kada ya sauke ta sai ƙirgen da ke allo ya ƙare. Saita agogon kyamara a daƙiƙa 2 ko 3 yana kawar da girgizar danna maɓalli. Filashar waya ba ta kai wa nesa da mita biyu ko uku, kuma a wurin da ƙura ta tashi, ƙurar take haskawa.

A bidiyo lambobi biyu ake zaɓa. Ta farko yawan ɗigon da ke cikin hoton: 1080p yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 4K kuma 3840 da 2160, wato ninki huɗu. Ta biyu yawan hotuna a daƙiƙa, 30 ko 60, ana rubuta ta fps. Mutane da yawa suna ƙure duka biyun da zaton hakan ne mafi kyau, alhali da dare 60 yana cutarwa. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa ba ta iya bai wa kowanne fiye da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, rabin abin da 30 ke iya bayarwa, sai bidiyon ya fi duhu da tsaki. Wurin 60 shi ne rana da gudu, kamar hawan dawaki ko wasan ƙwallo. Idan kuma bidiyon cikin ɗaki yana ƙyafƙyafta ko baƙaƙen layuka suna sauka, daga fitila ne: lantarkin Najeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wanda bai yi daidai da 30 ko 60 ba. Komawa 25 yana magance shi a wayar da ke da wannan zaɓi. A iPhone ana buɗe shi da Show PAL Formats.

Sai nauyi. Bisa ƙiyasin da iPhone ke nunawa a saitinta, minti ɗaya na 1080p a 30 yana cin kusan megabait 60, na 4K a 30 kusan 170, na 4K a 60 kusan 400. Mai ɗaukar minti 20 na kamun amarya zai ƙare da gigabait 1.2 a na farko, 3.4 a na biyu, 8 a na uku, ga zafin waya da cin batir. Idan a waya za a kalli bidiyon, 1080p a 30 ya wadatar. 4K na wanda zai nuna a babbar talabijin ne ko zai yanko wani sashe daga baya.

Hoton da ya fito tas yana iya lalacewa a hanya, domin WhatsApp yana matse hotuna da bidiyo kafin ya tura su. Tun 2023 akwai maɓallin HD da ke rage matsewar, amma tura fayil ta Document ne kawai ke isar da shi yadda kyamara ta ɗauke shi.